Gyara a allo, gajeren gwaji ko karɓar littattafai: da wanne za ka buɗe darasi bayan aikin gida?

Malamin da ya ba da aikin gida jiya, yau kuma ya shigo aji, yana da kamar minti takwas na farko da zai yanke shawarar abin da zai yi da wannan aiki. Hanyoyi uku aka fi bi. Ko dai ya bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya a allo yara suna gyarawa, ko ya sa a rufe littattafai ya ba da gajeren gwaji mai kama da aikin, ko kuma ya tattara littattafan ya tafi da su ya duba. Kowace tana da abin da take nuna wa malam da abin da take ɓoye masa. Kuma zaɓin ba da safiyar darasi ake yin sa ba. Tun lokacin da ake rubuta tambayoyin aikin gidan ya kamata malam ya san yadda zai buɗe darasin gobe, domin tambayar da ta dace da gyara a allo ba lallai ta dace da gwaji ba.

Minti takwas ɗin nan yana da asali. A shekarar 1979 masu bincike biyu a Amurka, Thomas Good da Douglas Grouws, sun wallafa sakamakon wani tsari na koyar da lissafi da suka gwada da malaman aji huɗu na firamare. A tsarin, darasi yana farawa da bita ta kimanin minti takwas, wadda a cikinta ake taɓo abin da aikin gida ya ƙunsa, a duba aikin, a kuma yi ɗan lissafin ka. Aikin gidan kansa bai wuce na minti goma sha biyar ba, kuma ana saka tambaya ɗaya ko biyu daga darussan baya. Azuzuwan da suka bi tsarin sun fi takwarorinsu ci gaba a jarrabawa. Barak Rosenshine, da ya tattara ƙa'idojin koyarwa guda goma a 2012, bitar kullum ya sa a farko, ya kuma ba ta minti biyar zuwa takwas. Duk hanyar da za mu auna a nan, da wannan ma'auni za mu auna ta: shin tana shiga cikin minti takwas, kuma idan an gama, malam ya san ko ajin ya shirya wa darasin yau?

Don kada maganar ta tsaya a iska, bari mu ɗauki darasi guda mu bi shi. Aji ne na yara hamsin a ƙarshen firamare, darasi minti arba'in. Ranar Litinin an koyar da tara ɓangarori masu lambar ƙasa daban-daban, irin 1/2 + 1/3. Ranar Talata za a shiga ɗebewa, irin 3/4 − 1/3. Ɗebewar ba za ta yiwu ba sai yaro ya iya daidaita lambobin ƙasa, wato ainihin abin da aka koya jiya. Ga aikin gidan da malam ya bayar, tambayoyi shida:

1) 1/5 + 2/5
2) 1/2 + 1/4
3) 1/2 + 1/3
4) 2/3 + 1/4
5) 3/4 = ?/12
6) 5/6 − 1/6

Kowace tambaya da aikinta. Ta farko ta buɗe hanya ce, kusan kowa zai same ta. Ta biyu zuwa ta huɗu su ne darasin jiya, daga mai sauƙi zuwa mai ɗan wuya. Ta biyar daga makon jiya aka ɗauko ta, kuma an saka ta ne saboda wanda bai iya mayar da 3/4 zuwa 9/12 ba ba zai iya darasin gobe ba. Ta shida kuwa leƙe ce cikin darasin da ke tafe, an sauƙaƙa ta yadda yaro zai iya yin ta ba tare da an koya masa komai sabo ba. Da wannan aiki a hannu, mu ga yadda kowace hanya za ta kaya.

Gyara a allo

Wannan ita ce hanyar da yawancinmu muka taso muka tarar. Malam ya ce a buɗe littattafai, ya kira yaro ya fito ya yi ta ɗaya, wani ya yi ta biyu, sauran suna sa maki ko suna kwafar amsar da ta yi daidai. Amfaninta a fili yake. Ba ta bukatar wani shiri, kowane yaro yana ganin cikakken aikin kowace tambaya, kuma gyaran yana zuwa washegari, kafin kuskure ya zauna daram a kai.

Matsalarta ta farko lokaci ne. Yaro ya taso daga kujerarsa, ya karɓi alli, ya rubuta, a tattauna, ya koma: da wuya hakan ya gaza minti uku. Tambaya shida ta cinye minti goma sha takwas, kusan rabin darasin, ba a ko taɓa ɗebewa ba. Matsala ta biyu ta fi wannan muni, domin ba a saurin ganin ta. Hanyar tana raba lokaci daidai tsakanin tambayoyin, alhali ba daidai suke da nauyi ba. An ɓata minti uku a kan 1/5 + 2/5 wadda yara arba'in da takwas suka samu, sannan aka ba 2/3 + 1/4 minti ukun nan dai, ita da ta kayar da rabin aji. Kuma wanda ya ɗaga hannu ya fito allo galibi wanda ya iya ne. Malam ya ga 11/12 an rubuta tsaf, ya tambaya “kowa ya gane?”, aji ya amsa da murya ɗaya “e, malam”, shi ke nan an wuce. Yaran da suka rubuta 3/7 sun goge sun kwafi 11/12, kuma babu wanda ya taɓa tambayar su ta yaya suka kai ga 3/7.

Akwai gyaran fuska da ke ceto wannan hanya. Malam ya rubuta amsoshin shida kawai a allo kafin yara su zauna, ba tare da aikin ba. Kowa ya duba nasa cikin minti biyu. Sannan malam ya bi lambobin: wa ya faɗi ta biyu, wa ya faɗi ta uku, yana ƙirga hannuwa. Tambayar da ta fi tara hannuwa ita kaɗai za a warware a allo. Da haka minti goma sha takwas ya dawo bakwai ko takwas. Sai dai ƙirgar ta dogara ga gaskiyar yara, kuma a ajin da ake dukan wanda ya faɗi ko ake yi masa dariya, hannuwa ba za su tashi ba.

Gajeren gwaji da littattafai a rufe

A nan malam ba ya komawa kan tambayoyin jiya kai tsaye. Yana kawo tagwayensu, wato tambayoyi masu tsari iri ɗaya amma da wasu lambobi. Maimakon 1/2 + 1/3, sai ya rubuta 1/3 + 1/4. Maimakon 3/4 = ?/12, sai 2/3 = ?/12. Tambaya uku ta isa, minti uku, kowa shi kaɗai, littafin aikin gida a rufe.

Dalilin rufe littafin yana da tushe a bincike. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun ba ɗaliban jami'a gajerun rubuce-rubuce su karanta. Wasu suka yi ta maimaita karatun, wasu kuma suka yi zaman karatu guda ɗaya kawai sannan aka yi ta sa su rubuta abin da suka tuna ba tare da dubawa ba. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda kuwa lamarin ya juye: waɗanda aka sa su tuno da ka sun riƙe kimanin kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kashi 40. Manya ne aka gwada, kuma karatun zube ne ba lissafi ba, don haka ba za a ɗauki alƙaluman a ɗora wa yaran firamare kai tsaye ba. Amma darasin da ke ciki ya tabbata a bincike da yawa bayansa: ƙoƙarin zaƙulo abu daga ƙwaƙwalwa yana ƙarfafa shi fiye da sake kallon sa. Yaron da ke bin gyara a allo kallo yake yi. Wanda aka ajiye wa 1/3 + 1/4 babu littafi, dole ya tuno matakan da kansa.

Inda hanyar ta fi ƙarfi shi ne idan an zaɓi amsoshin da za a ba yara su zaɓa da hankali, ta yadda kowace amsa mara daidai tana tona wani kuskure takamaimai. Ga tambayar 1/3 + 1/4, malam ya jera huɗu: ta ɗaya 2/7, ta biyu 7/12, ta uku 2/12, ta huɗu 1/12. Bayan kowa ya yi aikinsa a takarda, sai ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, kowa ya ɗaga yatsu a gaban ƙirjinsa daidai da lambar amsar da ya samu. A lokaci guda ake ɗagawa, kuma a ƙirji ba sama ba, don kada na baya su kwaikwayi na gaba.

A ce yara talatin da ɗaya sun nuna 7/12, sha biyu sun nuna 2/7, shida 2/12, ɗaya 1/12. Cikin daƙiƙa talatin malam ya san abubuwan da gyaran allo na minti goma sha takwas bai gaya masa ba. Masu 2/7 sun tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, kamar lambobi biyu ne masu zaman kansu. Waɗannan ba su fahimci mene ne ɓangare ba tukuna. Masu 2/12 sun fi su kusa: sun gano cewa 12 ce lambar ƙasa, amma sun bar lambobin sama yadda suke, ba su mayar da 1/3 zuwa 4/12 da 1/4 zuwa 3/12 ba. Mai 1/12 ninkawa ya yi maimakon tarawa, shi wannan magana ce ta gefe a lokacin aikin aji.

Maganin rukuni biyun farko ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne sauran minti huɗu za su tafi. Ga masu 2/7, sake jero matakai ba zai yi amfani ba, domin sun ji su jiya. Abin da ke girgiza su shi ne a gwada hanyarsu a kan abin da suka riga suka sani. Malam ya rubuta 1/2 + 1/2 ya ce a yi ta da hanyar tara sama da ƙasa. Za a sami 2/4, wato rabi. Sai ya tambaya: rabi da rabi sun ba da rabi? Yara da kansu za su ce a'a, ɗaya suke bayarwa. Ga masu 2/12 kuwa, tambaya ta biyar ta aikin gida ita ce maganinsu, shi ya sa aka saka ta tun jiya. Ya zana doguwar sanda mai gida goma sha biyu, ya sa yaro ya shafe kashi ɗaya cikin uku, a ƙirga gida huɗu, a rubuta 4/12. Daga nan zuwa 3/4 − 1/3 taki ɗaya ne: 9/12 a ɗebe 4/12, saura 5/12. Bitar ta zube cikin sabon darasi ba tare da yaran sun ji an sauya magana ba.

Gwajin yana kuma bayyana wani abu da sauran hanyoyin ke rufewa. Idan malam ya zagaya yayin da yara ke rubutu ya leƙa littattafan aikin gida, zai iya tarar da arba'in da shida sun sami tambaya ta uku daidai a gida, amma talatin da ɗaya kacal suka sami tagwayenta a aji. Tazarar sha biyar ɗin nan labari ce. Wasu sun kwafa daga abokai da safe, wasu yayyensu ne suka yi musu, wasu kuma da gaskiya suka yi amma suna kallon misalin da ke littafi layi bayan layi. Ba sai an kafa kotu an nemo wanda ya yi wanne ba. Idan yara suka gane cewa kullum tagwayen tambayoyin na jiran su, kwafar ta daina biyan kuɗin sabulu, kuma da yawa za su bar ta da kansu.

Ita ma tana da nata raunin. Na farko, shiri take ci: rubuta amsoshin ƙarya masu ma'ana yana bukatar malam ya san kurakuran da yara ke yi a wannan darasi, kuma sabon malami sai ya ga littattafai da yawa kafin ya san su. Na biyu, idan ba a taɓa waiwayar aikin gidan kansa ba, yaron da ya zauna ya yi shi da kyau zai fara jin wahalar banza ya sha. Shi ya sa bayan gwajin ya kamata a rubuta amsoshin aikin a gefen allo, a ba da minti ɗaya kowa ya duba nasa. Na uku, da zarar an fara shigar da makin gwajin cikin rajistar sakamakon zango, ya tashi daga bita ya koma jarrabawa. Yara za su fara ɓoye rashin sani maimakon nuna shi, alhali nuna shi ake nema.

Karɓar littattafai

Babu hanyar da ta kai wannan zurfi. Malam yana ganin aikin kowane yaro da hannunsa, layi bayan layi, har inda ya goge ya sake. Amma lissafin lokacinta ba ya fita. Littafi hamsin, minti biyu kowanne, minti ɗari ke nan a kan aji ɗaya da aiki ɗaya. Kuma ko da malam ya yi wannan ƙoƙari, littattafan da aka karɓa ranar Talata da safe ba za su dawo ba sai Laraba ko Alhamis. Darasin ɗebewa na Talata ya riga ya wuce, an gina shi a kan harsashin da ba a duba ba. Ga manufar da muke magana a kai, wato buɗe darasi na gaba, wannan hanya ta makara tun kafin ta fara.

Akwai kuma tambayar me yaro ke yi da jan biron da aka zuba masa. Binciken Ruth Butler na 1988 ya nuna cewa yaran da aka ba sharhi kaɗai sun inganta aikinsu, amma waɗanda aka ba maki, ko maki haɗe da sharhi, ba su inganta haka ba. Ido yana sauka kan makin ya tsallake bayanin. Duk malamin da ya ga yaro ya buɗe littafi, ya duba 4/6, ya leƙa na maƙwabcinsa, ya rufe, ya san wannan ba sai an faɗa masa ba.

Duk da haka ba a jefar da ita. Aikin da ba shi da amsa guda, kamar insha'i, bayanin dalilin wani abu a kimiyya, ko amsar tarihi mai sakin layi biyu, ba ya shiga gwajin yatsu. A irin wannan, abin da ke aiki shi ne samfuri: malam ya karɓi littafi takwas ko goma, daga masu ƙarfi da matsakaita da masu rauni, ya karanta ba tare da sa maki ba, yana rubuta a takarda guda kuskuren da ke maimaituwa. Washegari ya buɗe darasi da jimla ɗaya mai wannan kuskure a allo, wadda shi ya ƙirƙira ba ta wani yaro ba, aji ya gyara ta tare, sannan kowa ya nemo irinta a nasa rubutun. Idan ana juya waɗanda ake karɓa, cikin mako ɗaya ko biyu kowane littafi ya ratsa hannun malam. Sharaɗin kawai shi ne a sami tazarar kwana tsakanin karɓa da darasin, wanda ya fi sauƙi a sakandare inda fanni ɗaya ba kullum yake zuwa ba.

To, wanne?

Idan aikin na ƙwarewa ne mai amsa guda, kamar lissafi, nahawu, rubutun kalmomi ko alamomin sinadarai, kuma darasin yau a kan na jiya zai hau, gajeren gwaji nake ba da shawara, tare da minti ɗaya na duba amsoshin aikin gida. Idan malam bai sami damar shirya tagwayen tambayoyi ba, amsoshi a allo da ƙirgar hannuwa ita ce madadin da ta fi kusa. Cikakken gyara tambaya bayan tambaya a ajiye shi sai ranar da aikin ya kasance tambaya ɗaya ko biyu masu tsawo, inda hanyar warwarewar ita ce darasin. Rubutu mai tsawo kuma na samfuri ne.

Kowace aka zaɓa, sai malam ya shigo da shawarar abin da zai yi da sakamakon, in ba haka ba bitar ta zama al'ada kawai. Rosenshine ya ambaci samun daidai na kusan kashi 80 cikin ɗari a matsayin alamar cewa koyo na tafiya yadda ya kamata. A ajin mutum hamsin, yara arba'in ke nan. Idan an kai haka, a wuce zuwa sabon darasi, a bi sauran goman a kujerunsu lokacin aikin aji. Idan adadin ya faɗo tsakanin ashirin da biyar da arba'in, kamar talatin da ɗayan misalinmu, misali ɗaya da aka nufa kan kuskuren da ya fi yawa ya isa, sannan a sake jefa tambaya guda don tabbatarwa, a ce 1/2 + 1/5, a ga ko masu 2/7 sun koma 7/10. Idan kuwa ƙasa da rabi ne suka samu, a ganina darasin yau ya sauya ke nan. A ajiye ɗebewa zuwa gobe, a sake koyar da tarawa ta wata fuska, da zane maimakon matakai. Malamai da yawa suna jin nauyin yin haka saboda manhaja tana kora, amma ɗebewar da aka koyar wa yaran da ba su iya daidaita lambar ƙasa ba, sai an sake koyar da ita ko ana so ko ba a so.

Saura yaran da ba su yi aikin ba sam. A gyaran allo ba su da abin gyarawa, sai su zauna suna kwafa ko suna surutu. A karɓar littattafai ba su da abin miƙawa. Gwajin kaɗai ke shigar da su, tunda tambayoyin sababbi ne ga kowa. Maganar dalilin rashin yin aikin a bar ta zuwa ƙarshen darasi ko lokacin hutun tara, domin idan aka buɗe ta a farko, ita kaɗai za ta cinye minti takwas ɗin. Idan kuma ya zama kullum kashi ɗaya cikin uku na ajin ba sa yi, a fara duba tsawon aikin da wahalarsa: tambaya shida da yaro zai gama cikin minti goma sha biyar ta fi samun masu yi a kan ashirin da aka kwaso daga ƙarshen babi.